Idanu Biyu a Bangon Rabin Aji

Malam Ashafa mutumin Likoro ne, ɗan wani maɗinki da ya yi suna wajen aikin wuyan riga. Yana ƙarami aka kama shi aka sa shi elemantare, a zamanin da uwaye ke kuka idan aka rubuta sunan ɗansu. Ya yi midil bai ƙarasa ba saboda ciwon ƙafa da ya kwantar da shi damina guda, ya kuma bar shi da ɗingishi har yau. Daga baya aka tura shi makarantar horon malamai, ya fito da takardarsa, En'e, wato hukumar gargajiya, ta riƙa jefa shi ƙauye-ƙauye a ƙasar Ikara da Kudan, har ya zo ya zauna a wata ƙaramar makaranta mai ɗaki biyu tsakanin Makarfi da Dandamisa. Matarsa ɗaya, Fatsuma. Yana da gonar dawa a bayan gari da tsohon keke wanda ya fi tura shi da hawa. Ba a taɓa ba shi hedimasta ba, ban kuma ji ya nema ba.

Na san shi a shekarar 1956, lokacin da na dawo daga karatu a Ikko na sauka gidan kawuna a wannan ƙauye ina jiran a kira ni aiki. Ba ni da abin yi da safe, sai na roƙe shi ya bar ni in riƙa zama a bayan ajinsa. Ya ce in zauna, amma a kan tabarma kamar kowa, don kujera ɗaya ce kuma shi ma ba ya hawa.

Ajin nasa shi ake kira rabin aji. Yadda aka same shi kuwa shi ne, duk shekara idan aka aiko wa dagaci adadin yaran da zai bayar, mutane sukan ɓoye manyan 'ya'yansu masu riƙe fartanya su miƙa ƙanana. A makaranta sai a ce yaro ya ɗora hannu ta saman kai ya kamo kunnensa na ɗaya gefen. Wanda ya kamo ya shiga aji ɗaya. Wanda bai kamo ba, in an kore shi dagaci bai cika lissafinsa ba, don haka sai a tara su wuri guda a ba wanda ya fi haƙuri. A wannan shekara 'yan shekara biyar-biyar ne kusan ashirin, maza da mata, waɗansu har da layu a wuya.

Kafin zuwansa akwai dokoki a ɗakin, rubuce a wani kwali can sama kusa da rufi. Ya ajiye kwalin, ya nuna mini. Kada a gudu. Kada a yi surutu. Kada a yi faɗa. Kada a tofa yawu. Haka har goma sha wani abu. Wani malami da ya riga shi ya ma zana yaro yana gudu ya gicciye shi da jan alli.

"Ka ga wannan?" in ji Malam Ashafa. "Ranar da na zo na tambayi wani yaro me hoton nan ke cewa. Ya ce tsere ake yi. Na ce jan layin fa? Ya ce igiya ce za a tsallake."

Abin da ya fahimta, kamar yadda ya bayyana mini, shi ne yaron shekara biyar in ka hana shi abu ka bar shi tsaye bai san inda zai sa ƙafarsa ba. Ka ce kada ya gudu, to ya yi tsalle ne, ko ya yi rarrafe? Amma in ka faɗa masa abin da ake so ya yi, ka yi a gabansa, ya yi a gabanka, to ka ba shi abin riƙewa. Kuma dokar da yaro ya ji ta fito daga bakinsa ya fi kishinta da wadda aka rataya masa a sama.

Saboda haka a makonnin farko bai koyar da baƙi ko ɗaya ba. Yakan zaunar da su da'ira, ya ɗauko abin da ya faru a gabansu. Wata rana Tanko, wani ɗan ƙaƙƙarfa mai yawan dariya, ya ruga a guje ya ture wata yarinya Zulai, ta fasa leɓe a bakin ƙofa. Da aka wanke mata baki, Malam ya tara su.

"Me ya sami Zulai?"

"Tanko ne ya ka da ita!"

"To me za mu yi don kada wani ya sake fasa baki?"

"A zane Tanko!" in ji wani.

"A daina gudu," in ji Zulai, tana riƙe da leɓenta.

"Madalla. Mun daina gudu. To ƙafafunmu me za su riƙa yi a cikin ɗaki?"

Can wani ya ce, "Tafiya."

"Wace iri? Tashi ka nuna mana."

Yaron ya tashi ya taka a hankali kamar mai ɗauke da ƙwarya cike da nono. Kowa ya tashi ya gwada, har Malam da ɗingishinsa, suka yi ta dariya. Sannan ya tsayar da Tanko a kan takarda ya zagaye sawunsa da gawayi, ya kwafe a bango, ya rubuta a ƙarƙashi: Muna tafiya a hankali a cikin aji. Babu mai iya karantawa a cikinsu, amma duk wanda ka nuna wa sawun nan zai faɗa maka abin da yake nufi, kuma zai gaya maka ƙafar Tanko ce.

Bangon ya shafe shi da farar ƙasa daga ƙasa zuwa daidai kafaɗar yaro, don hotunan su zauna inda idonsu ke kaiwa. Yana zane da gawayi da jar ƙasa da ɗan shuni da yake roƙowa a marina. Tun da wuri ya je wajen liman ya yi masa bayani, liman ya ce ba ya son a zana mutum da ransa a bango, Malam ya ce ya ji. Shi ya sa babu cikakken mutum a hotunansa. Sawu ne, da hannu biyu suna miƙa wa juna allo, wato muna ba juna a hannu. Da randa da moɗa a kife a kan murfinta, wato muna mayar da kaya inda muka ɗauka. Ya ce ba zai wuce biyar ba, gwargwadon yatsun hannu ɗaya, don yaro ya iya ƙirga su yana tafiya gida. Kowace safiya sukan bi bangon suna faɗa suna kwatantawa. In wani ya manta, Malam ba ya ɗaga murya. Sai ya kama hannunsa ya kai shi gaban hoton ya ce, "Me wannan ya ce mana?"

Ta huɗu ita ce ta saurare. Yaran sun ce in Malam na magana a yi shiru. Malam ya ƙara da abin da aka koya masa a makarantar horo, inda malaminsu Bature yakan ce ba ka sanin yaro na tare da kai sai ka ga ƙwayar idonsa. Ya zana idanu biyu manya da shuni, ya rubuta: Muna kallon mai magana. Yaran suka so hoton ƙwarai. Sukan zaro ido su tsura masa har sai ya yi dariya. Ni ma da na gani ban ga laifinsa ba, don haka aka yi da mu a can inda na yi karatu.

A cikin yaran akwai Lado, ɗan wani Bafulatani mai suna Bobbo. Bobbo ya daɗe da kafa rugarsa a gefen fadama, manoma na ba shi karan dawa shanunsa na ba su taki, har aka fara lissafa shi cikin mutanen gari. Shi ya sa da rabon yara ya zo, ya faɗa kansa. Lado ya zo da Hausa kaɗan, ya yi makonni ba ya cewa uffan, yana rakuɓe a jikin bango. Hotunan ne suka jawo shi. Kafin ya iya faɗin dokokin ya iya yin su, kuma babu wanda ya kai shi riƙe su. Shi ne mai bin bayan yara yana kife moɗa. Malam ya taɓa ce mini bai ga yaro mai kaifin lura kamarsa ba, in an bar shi zai yi nisa.

Wata safiya bayan an gama girbi, muna tsakiyar bin bango, sai ga Bobbo a bakin ƙofa da sandarsa a kafaɗa. Dogo ne, siriri, ba ya son a ji muryarsa. Mero ce ta fara tarbarsa. Ita ce uwar makaranta, tsohuwar da ke rako 'yan mata da safe ta mayar da su, kuma Babarbariya ce, saboda wasan da ke tsakanin Barebari da Fulani ba ta ganin Bafulatani ta ƙyale.

"A'a, bawana ne da sassafe? Ina nonon uwargijiyarka?"

"Mero, yau ba ranarki ba ce," in ji Bobbo. Bai yi murmushi ba.

Malam ya bar wa Mero yaran, ya fita. Suka gaisa a gindin ɗorawar da ke tsakar makaranta, aka tambayi gida da shanu da gajiya, aka sake tambaya. Na tsaya daga gefe.

"Malam, na zo in tafi da yarona."

"Lafiya dai? Wani ya taɓa shi?"

"Da dukansa aka yi da ban zo ba." Ya sauke sandar ya dogara. "Shekaranjiya yayan mahaifina ya zo daga wajen Ikara, da mutane tare da shi. Tsoho ne, ko ni ba na ɗaga kai a gabansa. Ya kira Lado yana sa masa albarka. Yaron nan ya tsaya ƙiƙam ya zuba masa ido, cikin ido, bai ƙifta ba har tsohon ya gama. Aka yi tsit. Baffa ya juyo ya ce mini, Bobbo, wannan ɗanka ne ko ɗan wa?"

Bobbo ya ci gaba.

"Na tambaye shi wa ya koya masa. Ya ce bango ne ya ce. Na ce wane bango? Ya ce bangon Malam, mai idanu. Uwarsa ma haka yake mata yanzu. Mu abin da muke da shi ke nan, Malam, kunya. In ta tafi, shanu ba su da amfani."

"Ka san dagaci ba zai yarda a cire sunansa ba."

"Na sani. Shi ya sa zan tashi. Akwai ciyawa a kudu. Dagaci bai da iko da inda saniya ta sa gaba."

Malam ya san ba barazana ba ce. Mutumin zai bar fadamar da ya saba da ita da maƙwabtan da suka amince da shi, yaron kuma ba zai sake ganin aji ba.

"Bobbo, ɗanka bai yi rashin kunya ba. Biyayya ya yi, ni ya yi wa. Abin da na sa a bango shi ya ɗauka ya kai gida, don ya fi kowa riƙon abin da aka ce. Ina roƙon abu ɗaya. Shigo ka zauna har a tashi tara. In an tashi ka ga tafiyar ce, ni zan riƙo hannunsa in ba ka."

Bobbo ya tuɓe takalmansa ya shiga ya tsuguna kusa da ƙofa. Lado da ya ga ubansa sai ya rasa inda zai sa idonsa. Ya dubi bango, ya dubi ƙasa, ya sake duban bango. Ban taɓa ganin yaro a cikin irin wannan ƙunci ba.

Malam ya zauna cikin da'irar ya nuna hoton idanun.

"Wannan me ya ce?"

"Muna kallon mai magana!" suka amsa baki ɗaya, suka zaro masa ido.

"To. Wa ya kawo wannan? Ku ne ko ni?"

"Kai ne, Malam," in ji Zulai.

"Ni ne. Yau ina so ku ku kawo taku. Zulai, in kakarki na miki magana, yaya kike yi?"

Ta tashi ta durƙusa ta sunkuyar da kai.

"Kina jin ta kuwa a haka?"

"Ina ji mana. Ai da kunne ake ji."

"Tanko, kai fa, in babanka na magana ka tsura masa ido?"

"Tab! Sai ya ce in fita in ba shi wuri."

Yara suka fashe da dariya, Mero ta ce, "Ai ya yi maka da sauƙi, ɗan nema." Da aka natsu Malam ya juya wajen Lado, ya sassauta murya.

"Lado, nuna mana yadda ake sauraron babba a gidanku."

Yaron ya tashi, ya zo gaban Malam, ya tsuguna a gefe kaɗan, ba daidai fuskarsa ba. Ya haɗa hannuwansa a kan gwiwa, ya kafa ido a ƙasa. Jikinsa duka ya tsaya cak. Duk wanda ya gan shi ya san babu kalmar da za ta wuce shi.

"Kun gani? Bakinsa me yake yi?"

"Ya yi shiru."

"Hannunsa?"

"Yana kan gwiwa."

"Kunnensa?"

"A buɗe!"

"Kowa ya yi yadda Lado ya yi."

Suka yi. Ɗakin ya yi shiru har muna jin kukan kurciya a kan ɗorawa. Amma Malam bai tsaya nan ba, don akwai matsalar da shi ya sani su ba su sani ba. Ya tashi ya je allo ya zana da'ira da alli, kawunansu na sunkuye.

"Me na zana?"

Babu wanda ya sani.

"To ga wahala. In kun sunkuya kun ji ni, amma ba ku ga abin da nake nunawa ba. In na ce ga baƙin nan, yaya za ku san shi? Ku ba ni dabara."

Aka yi ta kawo shawara. Wani ya ce a zana a ƙasa. Wani ya ce a leƙa da ido ɗaya. Tanko ya ce Malam ya juya baya sai su kalla. Malam ya karɓi kowace da muhimmanci, ya sa aka gwada biyu daga ciki, aka ga ba su yi ba. Zulai ce ta ce, cikin ƙosawa, "To a kalli allon mana, ba Malam ba."

"Sake faɗa kowa ya ji."

"A kalli allo. In inna na nuna mini tsintar shinkafa ai faifan nake kallo."

Malam ya aiki Tanko ya ɗauko kaskon farar ƙasa a bayan ƙofa. Ya jiƙa tsumma ya miƙa wa Lado.

"Ni na zana, amma kai ya wahalar. Rufe su."

Lado ya karɓa. Ya shafa a hankali, ido ɗaya sannan ɗayan, shunin yana ɓullowa ta ƙarƙashi yana sake shafawa, har wurin ya yi fari. Tun da sai ya bushe kafin a yi zane a kai, Malam ya matsa gaba kaɗan inda bango ke a bushe. Ya tambaye su me za a zana. Suka ce kunne. Ya ce na wa? Suka ce na Lado. Ya tsayar da yaron a gefe yana duban kunnensa yana zanawa da gawayi, babba, har da 'yar hudar da aka yi masa tun yana jariri. Ya rubuta a ƙarƙashi yana faɗa da ƙarfi: Muna natsuwa mu saurari mai magana. Kusa da shi ya zana allo da yatsa yana nuna shi: Muna kallon abin da ake nuna mana. Suka ƙirga da yatsu, biyar cif. Suka bi bangon daga farko, suna faɗa suna yi.

Aka buga ƙarfen tara. Yara suka fita a hankali har bakin ƙofa, daga nan suka watse a guje. Malam ya kama hannun Lado ya kawo shi gaban ubansa kamar yadda ya yi alkawari, ya saki.

Bobbo ya yi wa ɗansa magana da Fulatanci, gajeriya. Yaron ya tsuguna, kansa a ƙasa, ya amsa da kalma ɗaya. Uban ya daɗe yana duban ƙeyarsa. Sannan ya miƙe ya je gaban bangon, ya sunkuya don hotunan sun yi masa ƙasa, ya bi su ɗaya bayan ɗaya. A wurin da aka shafe ya tsaya ya taɓa da yatsa, farar ƙasar ta kama masa.

"In wani malami ya zo bayanka ya sake zana su fa?"

"Ba zan iya yi maka alkawarin wani ba. Muddin ina ɗakin nan, ba za su dawo ba. Kuma duk abin da za a ƙara a bangon nan, sai na tambayi yaran yadda ake yi a gidajensu."

"Baffa ba zai manta ba."

"Na sani. In ka yarda, ranar kasuwar Ikara in bi ka in gaishe shi, in gaya masa daga inda abin ya fito."

Bobbo ya dube shi, ya dubi ƙafar da yake ɗingishi da ita.

"Da nisa daga kasuwar."

"Zan tura keke."

Bobbo ya sa takalmansa, ya saɓa sandarsa. Mero na zaune a bakin ƙofa tana tsinke zare, ta ce ba tare da ta ɗaga kai ba, "Gobe dai ka aiko da nonon, kada in sa a kamo min kai."

"Za a kawo, tsohuwar banza," in ji shi. "Lado zai taho da shi."

Ya bi hanyar fadama shi kaɗai.

Malam Ashafa ya je Ikara a makon, ya dawo da ƙafa a kumbure, ya yi kwanaki yana koyarwa a zaune. Bai gaya mini abin da suka yi da tsohon ba, ni kuma ban tambaya ba. Rugar Bobbo ba ta tashi ba a wannan rani. Lokacin da takardar aikina ta zo na bar ƙauyen, Lado ya fara haɗa baƙi da wasali, kuma an riga an rubuta sunansa cikin waɗanda za su shiga aji ɗaya da sabuwar shekara.